Anti Rula da Ranar Sha Uku ga Wata

Duk ofishinmu Anti Rula ake ce mata, har Manaja, idan ba ta kusa. Sunan ya samo asali ne daga wata tsohuwar rular katako da take ɗorawa a ƙarƙashin layi idan tana karatu, tana jan ta ƙasa a hankali kamar mai tsince shinkafa. Ta san da sunan, kuma bai taɓa damun ta ba. Idan sabon ma'aikaci ya yi suɓul da baka ya faɗa a gabanta, sai ta ce, "Na'am, ɗana. Kawo takardar taka in gani, ko za ka ci gaba da dariyar."

Shekararta talatin da ɗaya a kamfanin. Ta shigo ne tana yarinya da takardar shaidar buga tafireta, lokacin kamfanin shago ɗaya ne da sito, ana sayar da fankoki da fitilu. Da kwamfuta ta zo aka sallami abokan aikinta biyu, ita aka bar ta, domin an lura duk wasiƙar da ta bi ta hannunta ba ta dawowa da gyara. A hankali aikinta ya koma duba duk abin da kamfani zai faɗa wa jama'a kafin ya fita. Ba a taɓa yi wa aikin suna na kirki ba. A takardar ma'aikata har ta tafi "sakatariya" aka rubuta.

Ni ce mai kula da shafin kamfanin na intanet. Shekara shida teburina yana manne da nata a wani ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, tsakanin ofishin 'yan talla da matattakalar bene. Tana ce mini Auta, ko da yake ina da miji da yara biyu. Nata 'ya'yan uku ne, duk sun yi aure sun watsu garuruwa. Daga ita sai maigidanta, wani dattijo mai gyaran keken ɗinki, wanda yake kawo ta a babur kowace safiya ya kuma dawo ɗaukar ta ƙarfe biyar. Ba ya hawowa sama. Ya tsaya a ƙarƙashin tagarmu ya danna hon sau biyu, ita kuma ta ce, "To, Gwamna ya iso," ta fara haɗa jaka.

Abin da ba wanda ya sani a ofishin sai ni shi ne idonta ya fara tafiya. Ciwon suga ne ya taɓa mata shi. Likita ya ce gefe-gefe za ta jima tana gani, amma tsakiyar abin da take kallo zai riƙa dushewa, musamman ƙananan rubutu da wanda ba shi da duhu sosai. Na gane ne wata rana da na ga ta ƙara girman rubutun kwamfutarta har kalma huɗu ke cika layi. Ta kama ni ina kallo, ta tashi ta tura ƙofa.

"Auta, saura shekara biyu in yi ritaya da mutuncina. Za ki iya riƙe bakinki shekara biyu?"

"Anti, ai gara a faɗa wa Manaja. Ba laifinki ba ne."

"Mai duba rubutu ba ido? Ke ma kin san abin da zai ce. Zai ce Allah ya ba da lafiya, sannan ya kira direba ya kai ni gida."

Sai muka yi yarjejeniya. Duk abin da yake a kwamfuta za ta ƙara masa girma ta karanta da kanta. Abin da yake a takarda kuwa, ni zan karanta mata da baki, tana saurare tana gwadawa da nata jadawalin da take bugawa da manyan haruffa. Mutane suka ɗauka wata sabuwar dabara ce ta tsantseni. Manaja ma har yaba mu ya yi a taro. Muka yi shekara guda da rabi a haka, ba a taɓa kama mu da kuskure ba.

A wannan shekarar ne kamfani ya kawo sabon kaya, ƙaramin firij mai aiki da hasken rana, wanda aka yi domin masu kemis da ƙananan asibitocin karkara, inda wuta ba ta zama kuma akwai magungunan da zafi ke lalatawa. Shi ne kaya mafi girma da muka taɓa fitarwa. Aka shirya taron ƙaddamarwa a wani zauren haya da ke tsakiyar gari, aka sa ranar Alhamis, sha uku ga Maris. Daga baya kayan suka makara a hanya, aka ɗaga zuwa Talata, sha takwas.

Abu uku ne za su yi magana da yawun kamfani. Akwai silaid, wato shafuka ashirin da huɗu da 'yan talla ke haskawa a bango idan sun je wajen dillalai. Akwai shafin intanet, wanda yake hannuna. Sai ƙasidar talla mai ninki uku, wadda za a buga dubu shida a raba. Mutum uku daban suka rubuta su, a lokuta daban, kowa da inda ya samo bayaninsa. Aikin Anti shi ne ta sa su faɗi abu ɗaya, kuma abin da suka faɗa ya zama gaskiya.

Yadda take yi ba ya canzawa. Ba ta gwada silaid da ƙasida, ko ƙasida da shafi. Takan ce idan ka gwada yara biyu da juna, wanda ya fi baki shi zai ci. Sai ta sauka ƙasa wajen Injiniya, ta sa shi ya rubuta kowane adadi a takarda guda, ya sa hannu ya sa kwanan wata. Wannan takarda ita take kira uwa. Daga nan ta ja jadawali: layin farko abin da uwa ta ce, sai abin da silaid ya ce da lambar shafinsa, sai na intanet, sai na ƙasida. Duk lambar da ta fito a ko'ina, ko ta waya ce, sai ta samu gurbinta. A wannan karon layuka arba'in da bakwai ta samu, kuma goma sha ɗaya ba su jitu ba.

Wasu masu sauƙi ne. Silaid ya ce firij ɗin yana cin lita hamsin, ƙasida ta ce arba'in da biyu. Duka biyun gaskiya ne, sai dai hamsin ɗin girman cikin ne gaba ɗaya, arba'in da biyu kuma shi ne wurin da magani zai iya zama bayan an cire kantoci da akwatin sanyi. Aka tsaya a kan arba'in da biyu. Garanti ma haka: shafina ya ce shekara biyu kawai, alhali injin ne ke da shekara biyu, batir shekara ɗaya. Ta zana mini jan layi ta ce, "Auta, kin yi wa mutane kyautar batir, kuma ba na babanki ba ne."

Layi na tara ne ya kawo rigima. Tambayar ita ce, idan hadari ya rufe rana, awa nawa firij ɗin zai riƙe sanyinsa? Silaid ya ce talatin. Shafin intanet ya ce ashirin da huɗu. Ƙasida ta ce sha tara. Anti ta kwashe yini guda tana bin diddigi. Talatin ɗin daga gwajin farko ya fito, wanda aka yi a ɗaki mai zafin digiri ashirin da biyar. Sha tara daga gwajin baya ne, a digiri talatin da biyar. Ashirin da huɗun kuwa ba shi da uba. Wani ɗan talla ne ya faɗa mini a baki, na rubuta, shi ma da aka tsare shi sai ya ce ai tsakiya ya ɗauka.

Muka hau ofishin Manaja mu uku da Injiniya. Manaja mutum ne mai fara'a, yana da son mutane, amma ya riga ya nuna wa manyan dillalai huɗu wannan silaid ɗin da bakinsa.

"Anti, talatin ɗin nan ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce, Yallaɓai. A ɗakinka mai iyakwandishan gaskiya ce."

"To a bar ta mana. A sa ƙaramin bayani a ƙasa."

"Wanda zai saya, shagonsa na kwano ne. Da azahar zafin cikin ya wuce talatin da biyar. Zai karanta talatin, ya rufe shago ya tafi biki kwana guda da yini, ya dawo ya ba mai suga allurar da ta riga ta mutu. Ni da nake gabanka irin wannan allurar nake yi kullum. Ba a gane ta mutu da ido."

Manaja ya juya wajen Injiniya, shi kuma ya tsura wa takalminsa ido ya ce da shi ne da sha tara zai rubuta.

Kwana uku ana ja. Manaja ya ce a rubuta "har zuwa awa talatin", ta ce wannan "har zuwa" ɗin ba wanda yake karanta shi. A ƙarshe aka yarda: sha tara da manyan baƙi, da digirin a gefensa, sannan talatin ɗin a ƙasa da nasa digirin. Manaja ya kira dillalan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya ya janye maganarsa, kuma na san bai ji daɗi ba. Anti ta sa aka tattaro kwamfutocin 'yan talla bakwai, aka goge tsohon silaid a gabanta, aka sa sabo mai kwanan wata a jikin sunansa, domin ta san halinsu, kowa da kwafinsa da yake yawo da shi.

Wannan rigimar ta cinye mana kwanakin da muka ware wa ƙasida. Ta kuma cinye ƙarfin Anti. Akwai wata doka tata da ba ta taɓa sassautawa: ba a rubuta kwanan wata shi kaɗai, sai da sunan ranar, domin idan ɗaya ya kuskure ɗayan zai tona shi. Mai zanen ƙasidar ya zo ya ce bayan takardar ya cika, "Talata" ba za ta shiga ba sai an matse hoton. Da a wani lokaci ne da sai ya matse hoton. Ran nan sai ta dafe goshi ta ce, "Yi yadda ka ga dama, ɗana. Na gaji da faɗa."

Samfurin bugu ya iso ranar Laraba da la'asar, wato kwafi ɗaya da maɗaba'a ke kawowa a duba a sa hannu kafin a kunna inji. Mai maɗaba'ar da kansa ya kawo, ya tsaya a bakin ƙofarmu yana kaɗa makullin mota, ya ce idan bai koma da sa hannu kafin biyar ba, wani aikin zai hau inji, namu sai sati mai zuwa.

Na karanta mata gaban ƙasidar da cikinta, layi bayan layi, tana bi da yatsa a jadawalinta. Komai daidai. Saura baya. Sai Manaja ya leƙo da wayarsa a hannu, fuska a ɗaure.

"Wai ba an ce an cire ashirin da huɗun nan ba? Ga shi a wayata ɓaro-ɓaro."

Na karɓa na duba. Gaskiyarsa. Na gyara duk rubutun shafin, amma akwai wani hoto da ke fitowa a waya kaɗai, an rubuta "awa 24" a jikinsa. Rubutun da ke cikin hoto kuwa binciken kwamfuta ba ya kama shi. Kuskurena ne, kuma a gaban Manaja. Kunya ta rufe ni, na juya kan kwamfutata.

"Auta, zo ki ƙarasa mini bayan nan," in ji Anti a hankali.

"Minti biyar, Anti."

Ta jira. Mai maɗaba'a ya duba agogo. Manaja ya ce, "Haba Anti, layi huɗu ne fa a bayan nan. Adireshi da waya da rana. Ke da kike gano kuskure a cikin duhu?"

Ta sake kiran sunana sau ɗaya. Na ce ina zuwa, ban juyo ba. Ina jin lokacin da ta ɗora rularta a kan takardar. An buga ranar da siririn farin rubutu a kan launin ruwan toka. Mai zane ya gyara ranar a fayil ɗin da ya nuna mana a kwamfuta, amma da ya zo cire sunan ranar sai ya buɗe tsohon fayil na bayan takardar, ya haɗa shi da sabon gaba ya tura. Sha uku ne a jiki. Ita kuwa sha takwas take tsammani, kuma a idonta uku da takwas sun daɗe da zama 'yan biyu. Ta sa hannu. A ƙasa Gwamna ya danna hon sau biyu.

Ranar Asabar aka kawo ƙasidu. Dubu biyu suka bi motocin dillalai a ranar, su kuma suka rarraba wa masu kemis da ma'aikatan asibitocin yankunansu. Ba wanda ya juya bayan takardar, domin Anti ta sa hannu. Sai ranar Litinin, goma ga wata, wani dillali ya kira ya ce yana so ya tabbatar, Alhamis ɗin nan ce ko Talatar sama? Shi a silaid sha takwas ya gani, amma takardar da ke hannunsa sha uku ta ce.

Manaja bai yi ihu ba. Ya shigo ɗakinmu ya ajiye ƙasidar a gabanta, ya ɗora yatsa a wurin. Ta kai fuskarta kusa da takardar har hancinta ya kusa taɓawa, ta daɗe a haka. Daga nan ta miƙo mini ta ce, "Nawa ne a nan?"

"Sha uku ne, Anti."

"Ka ji, Yallaɓai. Sai da na tambaya. Shekara ɗaya da rabi ke nan ba na ganin irin wannan rubutun. Na ɓoye maka. Laifin nawa ne ni kaɗai."

Na buɗe baki zan yi magana, ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Zan iya cewa taka ƙafar ce ta hana ni, amma na san da ina so in faɗa da na faɗa.

Aka yi abin da ake yi. Aka buga sitika mai ɗauke da "Talata, 18 ga Maris" da baƙin rubutu, duk ofis muka zauna kwana biyu muna liƙawa a kan dubu huɗun da suka rage. Na sa sanarwa a saman shafin intanet. Aka tura wa dillalai saƙo su sanar da mutanensu. Amma takarda idan ta fita ta fita. Wani a tasha aka miƙa masa, wani ƙaninsa ne ya kawo masa daga kasuwa, ba mu da lambar kowa a cikinsu.

Ranar Laraba da yamma Anti ta ce wa Manaja gobe ba za ta zo ofis ba, zauren taro za ta je.

"Ki yi me? A liƙa takarda a ƙofa mana."

"Mutum ya taso tun asuba saboda sa hannuna, ya zo ya tarar da takarda a ƙofa? A'a, Yallaɓai. Gara ya samu fuskar da zai zaga."

Na bi ta. Maigidanta ya kawo ta tun bakwai da rabi, ya aro mata kujerar roba a wajen mai gadi, ya koma can gindin wata bishiya ya zauna a kan babur ɗinsa, bai tafi shago ba ranar. Zauren a kulle yake, an jingine kujeru a ciki, ana hango su ta gilashi. Ba ta zauna a kujerar ba. Ta tsaya a bakin matakala da sababbin ƙasidu a hannu.

Mutum ashirin da uku suka zo. Kowa ya iso sai ta gaishe shi, ta ce, "Ni ce na duba takardar nan, ni na yi kuskuren. Taron sai Talata. Ka yafe mini." Wasu suka ce ba komai. Wani matashi mai kemis ya yi ta faɗa, ya ce ya rufe shago ya bar masu jiran magani, wane irin kamfani ne wannan da bai san ranar bikinsa ba. Ta tsaya ta saurare shi har ya gama, ba ta kare kanta da kalma ɗaya ba.

Wajen sha ɗaya wata mata ta iso, tsararta ko ta ɗan girme ta, da farar rigar aiki a ninke a cikin leda. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, mota uku ta hau, kuma hutun yini ɗaya aka ba ta a watan. Da Anti ta gama ba ta haƙuri sai matar ta zauna a kan matakala ta cire takalmi. Can ta ce, "To ni Talata ba zan samu zuwa ba. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Allurar da muke yi wa mai jego idan jini ya ɓalle, zafi yana kashe ta. Wannan awa sha taran da kuka rubuta, gaskiya ce ko ta 'yan talla?"

"Gaskiya ce, 'yar'uwa. Wannan kam zan iya dafa miki."

"Kin ce ke kika kuskure ranar."

"Ni ce."

"To ta yaya zan yarda da ke a kan awannin?"

Ni na shiga, na yi wa matar bayanin gwajin da digirin, na kira Injiniya a waya ya yi mata magana da kansa. Ta saurara, ta gode, ta sa takalminta ta tafi neman mota. Ban san ko ta yarda ba. Bayan ta tafi ne Anti ta zauna a kujerar nan karo na farko, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Maigidanta ya taso daga gindin bishiya, ya zo ya tsuguna a gabanta da tsufansa, ya ce, "Ya isa haka, Uwar yara. Tashi mu je gida."

An yi taron ranar Talata, zaure ya cika, kayan suka karɓu. Ba ta je ba. Washegari ta kawo takardar ajiye aiki, saura wata biyar ritayarta. Manaja ya roƙe ta ta ƙarasa, ya ce ko zama kawai ta riƙa yi. Ta ce ita ba ta iya zama kawai ba. Ta kwashe kwana huɗu tana koya mini jadawalin, ta nuna mini inda take ajiye uwar kowane kaya tun na fankoki. A rana ta ƙarshe na rufe ƙofa na ce zan je in gaya wa Manaja cewa ta kira ni sau biyu ban zo ba.

"Sai me? Idona zai dawo?"

"Amma Anti, ke kaɗai kika ɗauka."

"Ni na ja ki cikin ɓoyon tun farko. Kina da yara ƙanana. Zauna ki yi aikinki, kuma ki daina cewa minti biyar."

Ta yi dariya da ta faɗi haka, ni kuwa na kasa.

Da farko ina zuwa gidanta duk ƙarshen mako. Gida ne mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, kawunan kekunan ɗinki jere a baranda suna jiran gyara. Tana zaune a bakin ƙofa, rediyo a cinyarta. Tana tambayata labarin ofis, wa ya haihu, wa ya yi ƙiba, ko mai zane ya koyi hankali. Idon ya ci gaba da tafiya. Wata rana na shiga ta ce, "Wace ce?" sai da na yi magana ta gane ni. Daga nan zuwan nawa ya koma wata-wata, sannan ya koma waya. Nakan ce aiki ne ya yi yawa, kuma ya yi yawan, domin an haɗa mini nata da nawa. Amma gaskiyar ita ce duk sanda na zauna kusa da ita sai in tuna ranar da na ce mata minti biyar, ita kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba balle in samu in yi kuka in huta.

Shekara biyu da wata uku bayan ta bar aiki, ƙodarta ta tsaya. Kwana tara ta yi a asibiti. Babbar 'yarta ta kira ni a rana ta shida, na ce zan zo ƙarshen mako. Ta rasu ranar Juma'a da hantsi.

Na je gaisuwa. Da mutane suka ragu na samu Baba, maigidanta, a baranda, yana zaune a tsakiyar kekunansa, ya ɗauki wani ƙaramin sukurudireba yana juya shi a hannu ba tare da ya taɓa komai da shi ba. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, ya amsa. Ya ce ta yi ta cigiyata a asibiti, har ta sa aka ajiye kujera a gefen gadon ta dama, domin ta nan kunnenta ya fi ji.

"Baba, ta bar mini wani saƙo?"

Ya yi tunani sosai, kamar yana so ya samo mini wani abu. Sannan ya girgiza kai.

"A'a, 'yata. Ba ta ce komai ba. So take kawai ki zo."

Na zauna a wurin har aka kira la'asar. Da na tashi tafiya ya raka ni bakin titi, ya tsayar mini da mota, ya ce in gaida yara.